Odit ba kama ɓarawo ba ne: giɓi da sata a wasiƙar mai kula da sito

Kwanan nan kalmar odit ta cika gidajen rediyo. Da an ce an yi odit a wata ma'aikata, sai mai gabatarwa ya ɗora da cewa an bankaɗo sata, kamar ma'anarsu ɗaya. Wannan ruɗani ya sauko har makarantu, inda yake cutar da mutanen da ba su ji ba ba su gani ba.

Asalin kalmar daga Latin ne, daga aikatau mai nufin ji ko sauraro, domin a da karanta lissafi ake yi a fili, mai bincike yana saurare. A sito kuwa aikin bai wuce gwada abu biyu ba: abin da littafin kaya ya ce akwai, da abin da hannu ya ƙirga a kan kanta. In ƙidaya ta gaza littafi, an sami giɓi. In ta fi shi, an sami rara, ita ma kuskure ce. Odit giɓi yake nunawa, ba ya faɗin wanda ya jawo shi.

A ɗauki littattafan rubutu. Zango ya fara da 400 a sito, aka karɓi 600, takardun fitar da kaya suka nuna an raba wa azuzuwa 820. Littafi ya ce saura 180. Aka ƙirga, aka sami 132. Giɓin 48 ke nan.

Mai gaggawa zai rubuta wa hedimasta cewa an sace littattafai 48. Wanda ya san aiki zai tsaya ya dubi lambar: 48 dozin huɗu ce cif. Giɓin da ya faɗa daidai kan dozin ko kwali yakan nuna ɗayan abu biyu. Ko dai wani malami ya karɓi dozin huɗu da sassafe da alƙawarin zai sa hannu daga baya, bai sa ba, ko kuma tun ranar da aka kawo kayan aka sa hannu a kan 600 ba tare da an buɗe katan an ƙirga ba, alhali 552 ne a ciki. Na farko ana gano shi ta hanyar gwada rajistar rabon kowane aji da takardun sito. Na biyu ya fi wuya, domin sa hannun karɓa ya riga ya wanke mai kawo kaya. Sata ma tana iya yiwuwa, ban kore ta ba, amma ita tana bukatar shaidarta: kwaɗon da aka taɓa, tagar da aka ɓalle, ko makullin da ya kwana a hannun da bai kamata ba.

Shi ya sa nake ganin wasiƙar da ta fara da kalmar sata ta ɓata kanta. Ta ɗora zargi a kan maigadi da masu shara tun kafin a buɗe rajista, kuma ta ɗaure mai kula da siton da maganar da ba zai iya tabbatarwa ba. Ga yadda ya dace ta faɗa:

"Ranka ya daɗe, bayan ƙidayar kayan sito da muka yi a gaban mataimakinka, an sami giɓin littattafan rubutu 48: littafi ya nuna 180, ƙidaya ta ba da 132. Na sake ƙirgawa washegari, lambar ba ta sauya ba. Ƙofa da kwaɗo lafiya lau. Ina roƙon a ba ni izinin duba rajistar rabon azuzuwa. Jerin kayan yana haɗe da wannan wasiƙa."

A saka ranar ƙidaya da ranar ƙidayar da ta gabata, domin tsakaninsu ne giɓin ya faru. A kuma faɗi mutum nawa ke riƙe da makulli.

Jerin da aka haɗa shi ne ƙashin bayan wasiƙar. Kowane kaya layinsa daban: suna, ma'auni, adadin littafi, adadin ƙidaya, bambanci, sai bayani. Gurbin ma'auni ne aka fi sakaci da shi. In aka shigar da alli kwali-kwali, aka fitar da shi ɗai-ɗai, to giɓin ƙarya ya samu ke nan. Kayan da suka lalace, kamar kujerar da ta karye ko littafin da gara ta ci, ba ɓatattu ba ne: suna nan, a rubuta su a gurbinsu har hukuma ta amince a cire su daga littafi. Haka ma abin da aka ara wa wani sashe.

Kada kuma a goge lambar littafi don ta dace da ƙidaya. A bar 180 yadda take har hedimasta ya ba da umarni a rubuce, sannan a shigar da gyaran a sabon layi, da kwanan wata da sa hannu.