Samfurin rahoto mai harshe biyu

Samfurin rahoto mai harshe biyu takarda ce ta lissafi, galibi a Excel ko LibreOffice Calc, wadda ake sauya harshen kawunan ginshiƙanta da sauran sunayen da ke cikinta daga gurbi guda, ba tare da an taɓa alƙaluma ba. Ƙungiyar manoma a Maraɗi, alal misali, takan buƙaci rahoto ɗaya da Hausa domin mambobinta, da Faransanci kuma domin hukuma. Ajiye fayil biyu shi ke jawo a gyara ɗaya a manta da ɗayan.

Tushen aikin shi ne kada a rubuta kowane suna kai tsaye a jikin rahoton. Ana buɗe shafi daban mai suna Kamus. Ginshiƙi na A yana ɗauke da mabuɗin kowane suna, wato gajeriyar kalma da ba ta canzawa, B yana ɗauke da Hausa, C kuma Faransanci, tare da sunan harshen a layin farko. A shafin rahoton sai a keɓe gurbin B1 domin zaɓen harshe, a taƙaita shi ga sunayen nan biyu ta hanyar Data Validation. A Excel na Turanci, kowane kan ginshiƙi zai ɗauki tsarin lissafi irin wannan:

```
=INDEX(Kamus!$B$2:$C$40,MATCH("jimla",Kamus!$A$2:$A$40,0),MATCH($B$1,Kamus!$B$1:$C$1,0))
```

MATCH na farko yana nemo layin da mabuɗin yake, na biyu ya nemo ginshiƙin harshen da aka zaɓa, INDEX ya ɗauko kalmar da ke mahaɗarsu. Idan B1 na nuna Hausa, za a ga Jimla. Da an juya shi, sai Total ta fito. Sifilin da ke ƙarshen kowane MATCH yana tilasta a samu kalmar daidai da daidai. In aka cire shi, ana iya ɗauko sunan wani layi ba tare da wata alamar kuskure ba, kuma wannan ya fi haɗari a kan #N/A, wanda ke bayyana a fili idan mabuɗin ba ya cikin Kamus ko an bar tazara a bayansa.

Inda aka fi tuntuɓe shi ne teburin da aka yi da Insert Table a Excel, domin layin kansa ba ya riƙe irin wannan tsari, yana mayar da shi sandararren rubutu. Mafita ita ce a bar kan teburin da mabuɗai, a ɓoye layin, a jera sunaye masu sauyawa a layin da ke samansa. Haka nan duk lissafin da ke neman ginshiƙi da suna ya dogara ga mabuɗi, in ba haka ba zai lalace da zarar an juya harshe.

Ana auna faɗin ginshiƙi da harshen da sunansa ya fi tsawo. Kafin a buga, a duba ko salon haruffan yana fitar da ɓ, ɗ, ƙ da ƴ, don wasu kan nuna ɗan akwati a madadinsu.