Mai shigar da ƙara ya nemi shekara 2: wannan ba hukunci ba ne

Maganar da ke yawo a fadoji da gidajen Damagaram ita ce wai kotu wasan kwaikwayo ce, an gama yanke hukunci tun kafin a fito da mutum daga gidan kaso. Hujjar masu faɗa ita ce sun ji wani mai baƙar riga ya miƙe ya ce a ɗaure wane shekara kaza, alhali ba a ko saurari wanen ba. Sun ji daidai. Amma wanda ya miƙe ɗin ba shi ke yanke hukunci ba.

A ce ana tuhumar wani ɗan kabu-kabu da satar waya a kasuwar Dole, an kawo shi gaban babbar kotun Zinder. Alƙalin da ke zaune a tsakiya shi ke jan zaman, shi ke yi wa yaron tambayoyi da kansa, domin tsarinmu, wanda ya samo asali daga kundin shari'ar laifuka na 1961, ya ɗora wa alƙali neman gaskiya. A gefe guda kuma akwai mai shigar da ƙara, wanda ke tsayawa a madadin al'umma. Shi ma daga cikin ma'aikatan alƙalanci yake, rigarsu iri ɗaya, abin da ke rikita mutane ke nan. Idan an gama jin shaidu, zai miƙe ya ce a ganinsa laifi ya tabbata, yana neman ɗaurin shekara 2. A nan wasu iyaye ke fashewa da kuka su fice.

Da sun dakata, da sun ga sauran. Abin da ya faɗa buƙata ce, ba ta ɗaure alƙali. Bayansa lauyan yaron zai yi magana, ya nuna, misali, ba a hannunsa aka sami wayar ba, ko shaidu sun saɓa a kan lokacin. Doka kuma ta ba wanda ake tuhuma ko lauyansa magana ta ƙarshe. Daga nan alƙali zai iya sallamarsa, ko ya yanke ƙasa da abin da aka nema, ko ya yi masa ɗaurin talala, ko ma ya zarce. Sau da yawa ba a ranar ake faɗin hukuncin ba, ana sa wata rana.

Wani kuskuren shi ne zaton mai wayar ke riƙe da ƙarar. Dangi su je su ba shi haƙuri, ya ce ya yafe, su yi tsammanin magana ta mutu. Abin da ke hannunsa diyya ce kawai, ita zai iya nema ko ya bari. Tuhumar sata tana hannun mai shigar da ƙara, ko da yake alƙali na iya duba yafiyar ya sassauta.

Shaida kuma ba wanda ake tuhuma ba ne, duk da yadda mutane ke ɓuya idan takardar kira ta zo. Zai rantse cewa gaskiya zai faɗa, ya faɗi abin da idonsa ya gani ko kunnensa ya ji, ya tsaya nan. Iyayen yaron da 'yan'uwansa da matarsa ana sauraronsu ba tare da rantsuwa ba, haka yaran da ba su kai shekara 16 ba. Haɗarin yana ga ƙin zuwa, wanda ke jawo tara ko a zo da mutum dole, da shaidar zur, wadda ke kai mai ita kaso. Wanda ba ya jin Faransanci ya nemi tafinta, kada ya amsa tambayar da bai gane ba.

Magatakarda, mai rubutu a gefen alƙali, shi aka fi rainawa, alhali a ofishinsa ake rubuta ɗaukaka ƙara. Wa'adin kwana 10 ne daga ranar hukunci idan an yanke shi a gaban mutum, kuma kotun ɗaukaka ƙara tana nan cikin Zinder. Iyalai da dama na ƙare waɗannan kwanaki wajen neman wani babba ya sa baki. Wanda ke tsare yana iya shigar da ita ta ofishin gidan kaso.

Inda tsarin ke ɗingishi, a ganina, wajen lauya ne. A manyan laifuka irin kisan kai dole a ba mutum mai kare shi, amma a shari'a irin ta wayar nan ba dole ba ne, ga shi yawancin lauyoyin ƙasar a Yamai suke. Sai ka ga yaro da bai yi lakwal ba yana fuskantar ƙwararren masanin doka shi kaɗai. Akwai hukumar ANAJJ, wadda dokar 2011 ta kafa don taimaka wa marasa hali a shari'a, tana da ofishi a manyan kotuna. Dangi su je can tun ranar da aka tsare ɗansu, kada su bari sai ranar zama.