Karatun ECG a jarrabawa: kada ido ya riga lissafi

Ɗaliban likitanci da na jinya, abin da ya fi kayar da ku a ECG, wato zanen aikin lantarkin zuciya, shi ne gaggawa. Ido na faɗawa kan wata siffa da kuka sani, sai ku rubuta sunanta ku wuce. Bari mu bi takarda ɗaya tare, irin wadda ake yawan kawowa: dattijo ne mai shekara 70, jiri na ɗibarsa, har ya taɓa suma.

A fara da saurin bugu. Takardar tana tafiyar milimita 25 a daƙiƙa, don haka ƙaramin gida daƙiƙa 0.04 ne, babba kuma 0.2. A ƙirga manyan gidajen da ke tsakanin R da R, a raba 300 da su. A nan huɗu ne tsakanin bugun da suka zo a jere, wato bugu 75 a minti. Amma wannan lissafin yana aiki ne kawai in tazarar daidai take. In ba daidai ba, a ƙirga QRS na daƙiƙa 10 a ninka sau shida.

Daga nan sai tsarin bugun, kuma nan ne nake roƙonku ku natsu. Ku ɗora bakin alƙalami a kan dogon layin II, ku bi kowane P ku tambaya: ina QRS ɗinsa? A takardar dattijon, P uku sun zo da nasu, na huɗu ya zo shi kaɗai. Yanzu a auna PR, wanda lafiyayyensa ƙananan gidaje uku zuwa biyar ne. Da yana ƙara tsawo bugu bayan bugu kafin ɗaya ya faɗi, da Mobitz I ne, kuma yawanci ba shi da haɗari sosai. Nan kuwa ƙananan gidaje huɗu ne cur kowane lokaci, sai bugu ya ɓace ba sallama. Wannan Mobitz II ke nan.

Aksis, wato alƙiblar da lantarkin zuciya ya nufa, ba ya cin lokaci. QRS ya kalli sama a I, ya kalli ƙasa a aVF, to a leƙa II. Shi ma ƙasa ya yi, ke nan ya karkata hagu.

Sai faɗin QRS. Ya kai ƙananan gidaje uku, a V1 ga R biyu kamar kunnuwan zomo, a V6 ga S mai faɗi: RBBB, wato toshewar reshen dama na hanyar lantarkin zuciya. Wannan ce siffar da mai gaggawa zai gani tun farko ya tsaya. Wanda ya bi a jere kuwa zai haɗa su: reshen dama ya toshe, karkatar hagu na nuna reshen gaba na ɓangaren hagu ma ya toshe, saura hanya ɗaya, ita ma tana yankewa lokaci-lokaci. Hakan na iya komawa cikakkiyar toshewa, inda P da QRS kowa ke tafiyarsa daban.

Don haka amsar ba ta ƙare a suna ba. Dattijon nan a kwantar da shi, a sa masa na'urar lura da zuciya, a duba ko yana shan maganin da ke rage bugu, a tura shi inda ake dasa na'urar daidaita bugun zuciya. Allurar aturofin ba abin dogaro ba ce a nan, domin matsalar tana ƙasa da inda take aiki.