Falsafar Ɗa'ar Kulawa

Ɗa'ar kulawa wata mazhaba ce a falsafar ɗabi'u da ke cewa ba a gane daidai da kuskure da ƙa'idoji zalla, sai an duba wanda ya dogara da wani da abin da ke tsakaninsu. Ta yi ƙarfi a Amurka bayan littafin da Carol Gilligan, masaniyar halayyar ɗan'adam da ke Jami'ar Harvard a lokacin, ta fitar a 1982.

Asalinta saɓani ne da Lawrence Kohlberg, wani masanin halayyar ɗan'adam wanda Gilligan ta yi aiki tare da shi. Kohlberg ya kasa girman hankalin mutum a sha'anin ɗabi'a zuwa matakai 6, kuma yara maza kaɗai ya yi bincikensa na farko a kansu. Yakan gwada mutane da ƙagaggen labarin wani mutum mai suna Heinz: matarsa na bakin mutuwa, mai magani ya sa dala 2,000 a kan abin da ya haɗa da dala 200, Heinz kuwa 1,000 kawai ya iya tarawa. Ya saci maganin ko kada ya sata?

Gilligan ta kawo amsoshin yara biyu masu shekara 11. Jake ya ce ya sata, domin rai ya fi dukiya. Ya ɗauki abin kamar lissafi. Amy ba ta yarda da satar ba, ba ta kuma yarda a bar matar ta mutu ba. Idan aka ɗaure Heinz, ciwon ya sake tashi, wa zai nemo mata magani? Gara a zauna da mai maganin, ko a ci bashi. A ma'aunin Kohlberg, Amy ta zo ƙasa da Jake da mataki guda. Gilligan ta ce ma'aunin ne bai ji ta ba: yarinyar tana kallon mutane uku da ke ɗaure da juna, da abin da zai biyo baya gobe.

Eva Feder Kittay, masaniyar falsafa wadda ta reni 'ya mai tsananin naƙasa, ta faɗaɗa batun a 1999. Kowa ya fara rayuwa a hannun wani, da yawa kuma a hannun wani za su ƙare. Mai jinya ma, da yake ya bar nemansa, ya zama mai dogaro, don haka al'umma na da alhakin tallafa masa.

Suka mafi nauyi ta fito daga mata masana kansu: yabon kulawa na iya ɗaure mata a aikin da ba a biya, kuma kulawa marar adalci takan koma danniya ko son kai ga dangi. Binciken da ya biyo baya ya nuna bambancin maza da mata a nan kaɗan ne, shi ya sa yawancin masu mazhabar a yau ba sa jingina ta ga jinsi.