Tsabtace Kayan Aiki a Ƙaramin Asibitin Karkara

Tambaya: "Ina aiki a wani ƙaramin asibiti a yankin Soba. Bayan an karɓi haihuwa ko an yi ɗinki, ba sai na zuba almakashi da hantsaki cikin otokilef kawai ba?"

A'a, 'yar'uwa, wanki ne farko. Jinin da ya bushe a gaɓar almakashi yana zama garkuwa ga ƙwayoyin cuta, tururin otokilef, wato tukunyar kashe ƙwayoyin cuta, ba ya ratsa shi. Da an gama aiki, kafin jinin ya bushe, ki sa safar hannu mai kauri, ki buɗe kowane hantsaki, ki goge haƙoransa da gaɓarsa da buroshi mai laushi a ƙarƙashin ruwan sabulu, don kada ya fantsamo miki a ido. Kada ruwan ya yi zafi, domin zafi yana daskarar da jini a jikin ƙarfe. Ki ɗauraye, ki tsane, ki ɗaga su wajen haske ki duba. Yawancinmu an koya mana fara jiƙa kaya cikin bilic na minti 10, amma Hukumar Lafiya ta Duniya ta daina ba da wannan shawara, saboda bilic yana cin ƙarfe, jini kuma yana rage masa ƙarfi.

Tambaya: "Otokilef ɗinmu irin na ɗorawa kan risho ne. Daga yaushe zan fara ƙirga lokaci?"

A nan aka fi yin kuskure. Ki ce kin naɗe kayan haihuwa ƙunshi uku, kin jera su da 'yar tazara, hantsakai a buɗe. Idan ruwa ya tafasa, ki bar ƙofar tururin a buɗe har sai ya fito da ƙarfi ba yankewa, domin iskar da ta maƙale a ciki tana hana zafi kaiwa inda ake so, ko da allurar ma'aunin matsin tururi ta hau. Sannan ki rufe. Sai allura ta kai psi 15, wato digiri 121, za ki duba agogo: minti 30 ga kayan da aka naɗe, 20 ga waɗanda ba a naɗe ba. In wuta ta yi ƙasa allura ta sauka a minti na 18, ƙirgar ta ɓaci, a koma farko.

Bayan allura ta dawo sifili, ki ɗan buɗe murfin kaya su bushe. Ƙunshin da ya fito a jiƙe ba a amfani da shi, don danshi yana jawo ƙwayoyin cuta ta cikin ƙyallen. Zanen tef ɗin da ake mannawa a jikin ƙunshi, in ya yi duhu, shaida ce kawai cewa tururi ya taɓa wajen ƙunshin, shi ya sa nake roƙon ki riƙa rubuta lokacin farawa da na gamawa a littafi.

Tambaya: "In otokilef ya lalace, tafasawa ta isa?"

Minti 20 a tukunya rufe, ruwa ya rufe kayan, yana kashe yawancin ƙwayoyin cuta, amma ba ya gamawa da masu taurin ɓawo irin na cutar sarƙewar haƙora. Maganin ranar larura ne. A gyara otokilef ɗin cikin makon.