Kwaɓin mitfai mai marmashewa

Kwaɓin mitfai, wanda masu koyar da girki ke kira shotkuros, kwaɓi ne na fulawa da mai da ruwa kaɗan da gishiri, ba a sa masa yis kuma ba a son ya tashi kamar burodi. Da shi ake naɗe mitfai da fishfai, da shi kuma ake shimfiɗa gindin tat, wato fai mai buɗaɗɗen sama. Ana gane mai kyau idan an gatsa ya marmashe a baki ba tare da ya ja ba. Wannan laushin ya dogara ne kan abu biyu: man ya kasance da sanyi har ya shiga oben, sannan a hana guluten, wato danƙon da ke samuwa a kwaɓin fulawa, yin ƙarfi.

Asali

A Turai ta tsakiyar zamani ɓawon fai mai tauri ne, aikinsa riƙe nama a wuta, kuma sau da yawa ba a cin sa. Kwaɓi mai mai da yawa wanda ake ci tare da abin da ke ciki ya fara bayyana a littattafan girkin Ingila wajen tsakiyar ƙarni na 16. Shi kuwa guluten, Jacopo Beccari na Bologna a Italiya ne ya fara ware shi daga garin alkama, a wajajen 1728. Majarin, wanda yawancin masu sana'ar mitfai a Najeriya ke aiki da shi a madadin bota, Bafaranshe Hippolyte Mège-Mouriès ne ya ƙirƙiro shi a 1869. Ana danganta shigowar mitfai Najeriya da zamanin mulkin mallakar Ingila.

Yadda guluten ke samuwa

Garin alkama na ɗauke da furotin iri biyu, gulutenin da giliyadin. Muddin gari na bushe, ba su haɗuwa. Da zarar ruwa ya taɓa su aka kuma cuɗa, sai su sarƙe su zama wani abu mai danƙo, shi ne guluten. Duk wanda ya wanke dunƙulen kwaɓi a cikin ruwa har sitaci ya fita zai ga abin da ya rage a hannunsa yana talewa yana komawa. Wannan danƙon ne ake nema a burodi da taliyar murji, shi ya sa ake bugun kwaɓinsu sosai. A mitfai kuwa shi ne ke kawo tauri.

Aikin mai shi ne ya lulluɓe ƙwayoyin gari kafin ruwa ya iso, domin garin da mai ya rufe ba ya shan ruwa da sauƙi. Irin fulawar ma na da tasiri. Ta burodi tana da furotin kamar kashi 12 zuwa 14 cikin ɗari, ta gama-gari kuwa 9 zuwa 11, kuma ita ce ta dace. Fulawar da ake aunawa daga buhu a kasuwa takan kasance ta masu gidan burodi, don haka wasu ke cire giram 50 daga kowane giram 500 su maye shi da sitacin masara, wanda ba shi da guluten ko kaɗan.

Sanyin mai da zafin Sakkwato

Bota mai ce kashi 80 zuwa 82 cikin ɗari, sauran kusan duk ruwa ne. Tana fara laushi a wajen digiri 20 a ma'aunin Salshiyos, ta narke tsakanin 32 da 35. A Sakkwato, a watannin Maris zuwa Mayu, zafin rana kan wuce digiri 40, ke nan botar da aka ajiye a kan tebur za ta narke tun ba a kunna wuta ba. Tafin hannun mutum kaɗai ma ya isa ya narkar da ita.

Idan bota ta narke a cikin kwaɓi, ruwan da ke cikinta ya kan saki ya jiƙa gari, guluten ya fara samuwa tun kafin a zuba ruwan kwaɓi. Kwaɓin sai ya yi maiƙo yana manne wa hannu, mai aiki ya yi ta barbaɗa ƙarin gari, ma'auni ya lalace. Idan kuwa gutsattsarin man sun kai oben da ƙarfinsu, a can suke narkewa, ruwansu ya zama tururi ya bar ƙananan ramuka, kuma waɗannan ramukan ne ke sa ɓawon ya yi sako-sako.

Saboda haka masu yi a gida sukan kwaɓa da sassafe bayan asuba ko da dare. Inda wuta ba ta tsayawa, ana sayen ƙanƙara a ɗora kwanon silba na kwaɓi a kan wani babban kwano mai ƙanƙara, ruwan kwaɓin ma a ɗebo shi daga nan. Garin kansa yana da kyau ya yi minti 20 a firji. Lokacin hunturu, Disamba da Janairu, ba a bukatar wannan wahalar, sai dai iska busasshiya ce, kwaɓin da aka bari a buɗe zai yi ɓawo ya tsattsage. Majarin na gashi ya fi bota jure zafi, ya kuma fi araha, amma bai kai ta ƙamshi ba. Soyayyen man shanu ba shi da ruwa a ciki, don haka yana ba da ɓawo mai rugurgujewa da wuyar naɗewa, kuma sai an daskarar da shi tukuna. Man gyaɗa ba ya daskarewa a irin wannan aikin, kwaɓinsa kan karye wajen murzawa.

Ma'auni da haɗawa

Ƙa'idar ita ce nauyin mai ya zama rabin nauyin gari. Ga giram 500 na fulawa ana sa giram 250 na bota ko majarin, ƙaramin cokali ɗaya na gishiri, da ruwan ƙanƙara mililita 100 zuwa 125, wato babban cokali bakwai zuwa takwas. Masu mitfai da yawa kan ƙara ƙaramin cokali ɗaya na bekin hoda. Wanda zai sa ƙwai ɗaya ya rage ruwa da kamar babban cokali uku.

Ana yanka man ƙanana a zuba a gari, a riƙa murtsuke shi da kan yatsu kawai, ana ɗaga hannu sama gari na zubowa, har ya koma kamar garin kwaki da 'yan gutsattsarin mai nan da can. Wannan bai kamata ya wuce minti biyar ba. Idan garin ya fara yin rawaya mai ƙyalli yana dunƙulewa da kansa, man ya ɗumama, a mayar da kwanon kan ƙanƙara na minti goma.

Daga nan a yayyafa babban cokali shida na ruwa a juya da wuƙar tebur. A damƙi kaɗan a tafi: idan ya riƙe siffar yatsu, ruwa ya isa, idan ya warwatse a ƙara cokali ɗaya. A tattara shi wuri ɗaya ba tare da cuɗawa ba, a danne ya yi faifai, a naɗe a leda a sa a sanyi na minti 30 zuwa awa ɗaya. A wannan hutun ruwa ke ratsa gari, guluten ya saki, mai ya sake ƙarfi.

Ana murza shi daga tsakiya zuwa waje, kaurin milimita 3 zuwa 4, ana juya faifan ba a jan sa. Ragowar gefe a jera su kan juna a murza sau ɗaya, domin kowace murza tana ƙara tauri. Ana gasa mitfai a digiri 180 zuwa 190 na minti 25 zuwa 30, a oben da ya riga ya yi zafi, kuma sai naman da dankalin sun huce sarai kafin a zuba su.

Batun tsami

Wasu na ɗiga ruwan lemun tsami ko binega don rage tauri. Ana saɓani kan ko ɗan abin da ake sawa na da wani tasiri.

Alamomin kuskure

Ɓawo mai tauri da ke ja a haƙori alama ce ta yawan ruwa ko yawan cuɗawa. Kwaɓin da ke komawa baya idan an murza shi bai huta ba, irinsa ne ke tsukewa a wuta har bakin mitfai ya buɗe. Tsattsagewar gefe wajen murzawa na nuna ƙarancin ruwa, ko kuma an fito da shi daga firji da ƙarfi ba a bar shi ya ɗan saki ba. Mai da ya tsatso ya kwanta a farantin gashi kuwa yana nufin oben bai yi zafi ba, ko kwaɓin ya ɗumama kafin ya shiga, kuma maganinsa shi ne a mayar da mitfan da aka naɗe cikin sanyi na minti 15 kafin gashi.