Wasiƙar da matar mamaci za ta rubuta wa kamfanin inshora

Kamfanin inshorar rai ba ya biyan kuɗi don kawai ya ji labarin rasuwa, sai an nema a rubuce. Abin da za su fara dubawa kuma shi ne sunan wa mamacin ya sa a matsayin wanda za a biya. In sunanki ne, kuɗin hannunki za su zo kai tsaye. In kuwa bai sa kowa ba, ko wanda ya sa ɗin ya riga shi rasuwa, galibi kuɗin sun faɗa cikin dukiyar da ya bari ke nan, to nan fa sai an kawo takardar kotu mai nuna wanda aka ba ikon kula da dukiyar, ita ce ke cin watanni.

Wasiƙar kanta ba sai ta yi tsawo ba, kamar haka ya wadatar:

"Ni ce matar marigayi wane, mai inshora lamba kaza. Ya rasu ranar 20 ga Maris a asibiti. Ina neman a biya ni kuɗin inshorarsa. Na haɗo da takardar shaidar mutuwa, takardar likita mai faɗin sanadin rasuwar, takardar inshorar ta asali, fom ɗinku da na cike, katin shaidata, takardar aurenmu da lambar asusuna na banki. In akwai abin da ya rage a sanar da ni a rubuce."

Wannan layin na ƙarshen kar ki bar shi, don wasu sai su riƙa tambayar takarda ɗaya yau ɗaya gobe. In haɗari ne ya yi sanadi, ƙara da rahoton 'yan sanda, da na binciken gawa in an yi.

Inda aka fi samun cikas suna ne. Harafi ɗaya ya bambanta tsakanin katinki da takardar inshora, sai fayil ya tsaya, maganinsa takardar rantsuwa cewa duk ke ɗin ce, gara ki haɗa ta tun farko.

Sai maganar bashin biya. A ce 1 ga Maris ya kamata mijinki ya biya kamfanin kuɗin inshora na watan, ciwo ya hana, ya rasu ranar 20. Yawancin yarjejeniyoyi suna ɗaga ƙafa na kwana 30, shi kuma kwana 19 kacal ya makara, don haka inshorar tana nan da ranta, na watan kawai za su cire su ba ki sauran. Nemo rasit ɗin ƙarshe ki haɗa. Amma in inshorar ba ta kai shekara biyu ba, ki sa ran za su tono fom ɗin da ya cike su gwada da fayil ɗinsa na asibiti, ko ya ɓoye wani ciwo.

Kafin ki miƙa komai ki yi kwafinsa, kuma a buga miki hatimi da kwanan wata a kan kwafin wasiƙar da za ki riƙe.